Filin Nahawu da Insha'i: Ranar da Mota Ta Bar Sagir

Wannan makon insha'in labari za mu taɓa, wato irin wanda ake ce wa ɗalibi ya ba da labarin wani abin da ya faru. Irin wannan tambaya ba ta cika ɓacewa daga takardar Hausa ba, a ƙaramar sakandare ko a babba, kuma da yawa daga cikinku ita kuke zaɓa don kuna ganin ta fi sauƙi. Sai dai abin da mai gyaran takarda yakan tarar shi ne jerin gwano: na tashi, na yi wanka, na karya, na fita, na makara. Babu ƙarya a ciki, amma kuma babu labari. An faɗi abin da ya faru, ba a faɗi abin da ake ciki lokacin da ya faru ba.

Lokuta biyu na aikatau ne ke wannan aiki tare. Akwai shuɗaɗɗen lokaci, irin su ya tafi, ta ce, suka tashi. Akwai kuma lokaci mai ci, irin su yana tafiya, tana suya, suna jira. Mun shirya wani ɗan labari da za a iya karantawa a aji cikin minti uku. Mun sa shi a Daura, kuma tafiyar da ke ciki irin wadda makarantun yankin sukan shirya ce, ta zuwa Katsina, mai nisan kilomita kusan 80, don ganin hasumiyar Gobarau da gidan tarihin da ke harabar tsohuwar Kwalejin Katsina. Mutanen cikin labarin dai ƙirƙirarsu muka yi. Ku karanta da fensir a hannu, ku ja layi a ƙarƙashin duk inda kuka ga yana, tana, suna ko yake.

Ga labarin

Ranar Alhamis ce, iskar hunturu tana kaɗawa, hazo ya rufe garin Daura. 'Yan aji uku za su je Katsina, kuma Malam Lawal ya faɗa tun ranar Litinin cewa motar za ta tashi daga ƙofar makaranta ƙarfe 7:00 daidai, ba za ta jira kowa ba.

Sagir ya dawo daga masallaci, ya yi wanka, ya sa kayan makaranta. Umma tana suyar ƙosai a ƙofar gida, yara suna tsaye da kwanuka suna jira. Da cinikin ƙosan nan ta biya masa naira 3,000 na tafiyar. Yana ɗaura igiyar takalmi sai akuyarsu ta tsinke, ta yi waje da gudu.

"Sagir, tare ta kafin ta shiga shanyar mutane!" in ji Umma.

Ya bi ta lungu-lungu. Tana cin shanyar wake a ƙofar wani gida ya kama ta, ya ja ta gida, ya ɗaure. Ya duba wayar Umma, ƙarfe 6:35. Ya suri jaka ya fita.

Yana wucewa ta wajen rijiyar Kusugu sai ya tuna da takardar izinin da Baba ya sa wa hannu. Ya laluba aljihu, ya zazzage jaka, babu. Ya juya da gudu. Lokacin da yake neman takardar a ƙarƙashin katifa, ƙanwarsa Hafsa tana zaune a tsakar gida tana fifita wutar koko da ita. Ya fizge. Gefenta ya ɗan babbake, amma sa hannun Baba yana nan.

Umma ta kwance bakin zanenta ta ba shi naira 200. "Hau acaba, kada ka tsaya ko'ina."

Suna tafiya, ɗan acaban yana ba shi labarin tsadar mai, sai sarƙar babur ɗin ta zame. Ɗan acaban yana ƙoƙarin mayar da ita Sagir ya sauka, ya miƙa masa kuɗinsa, ya ruga a ƙafa.

Da ya shawo kwanar makaranta, motar tana fita daga ƙofa. Ya ɗaga takardar sama, ya ƙwala kira. 'Yan ajinsu suna waƙa suna tafi, Malam Lawal yana duba sunaye, direba yana kallon titi. Nura ne kaɗai ya hango shi ta tagar baya. Ya buga gilashi, ya kira malam, amma waƙa ta danne muryarsa. Motar ta hau titi, ta miƙi hanyar Mashi, ƙura ta rufe ta.

Sagir ya tsaya yana haki. Maigadi yana shan shayi a bakin ƙofa, ya dube shi ya ce, "Kai yaro, da ka ƙara sauri kaɗan."

Sagir bai ce komai ba, ya juya gida. Da ya isa, Umma tana nan tana suya. Ta dube shi, ta dubi takardar da ke hannunsa, ta miƙa masa kwano.

"Kai wa gidan Liman nasu, suna jira."

Me kowane lokaci ya yi a ciki?

To, ku koma kan layukan da kuka ja. Ku rufe duk waɗannan wurare da yatsa, ku karanta abin da ya rage. Za ku ga labarin yana tafiya yadda yake: akuya ta tsinke, Sagir ya kama ta, ya tuna da takarda, sarƙa ta zame, mota ta hau titi. Shuɗaɗɗen lokaci shi ne ƙafar labari, duk inda ya zo an ƙara taki ɗaya gaba. Amma ku duba abin da kuka rasa. Idan aka cire jumlar nan da ta ce "'Yan ajinsu suna waƙa suna tafi, Malam Lawal yana duba sunaye, direba yana kallon titi", mai karatu zai tsaya yana tambaya: yaro ya ɗaga takarda, ya ƙwala kira, me ya hana motar tsayawa? Mugunta ce? Wannan jumla ce ta amsa, ba tare da marubucin ya fito ya ce "ba su ji shi ba saboda kaza" ba. Ta nuna abin da kowa yake ciki, mai karatu ya gane sauran da kansa.

Yanzu ku yi akasin haka, ku karanta wuraren da kuka ja wa layi kaɗai. Iska tana kaɗawa, Umma tana suya, yara suna jira, maigadi yana shan shayi. Hoto ne mai kyau, amma ba ya motsi. Ko shafi guda aka cika da irinsa, babu abin da ya faru. Mun sha ganin insha'in da ya faɗa wannan rami, musamman daga ɗaliban da aka taɓa yaba wa iya siffantawa. Sai su yi rabin shafi rana tana fitowa tsuntsaye suna kuka, lokaci ya ƙure ba a kai ga motar ba.

Akwai wani abu game da lokaci mai ci da ya kamata ku lura da shi sosai, don shi ne tushen duk darasin yau. Kalmomin "suna jira" sun fito sau biyu a labarin. Na farko a wajen yaran da ke tsaye da kwanuka, na biyu a bakin Umma a jumlar ƙarshe. Harafi ɗaya bai bambanta su ba. Amma na farko ya wuce, ranar Alhamis ɗin nan aka yi shi, na biyu kuwa a bakin Umma yanzu-yanzu take nufi, mutanen gidan Liman suna can suna sauraron ƙosai. Wato a Hausa lokaci mai ci ba shi da agogon kansa. Abin da yake faɗa kawai shi ne aikin bai ƙare ba, ana cikinsa. Yaushe ne? Wannan sai ya ara daga maƙwabta: ko daga kalma irin su jiya, bara, ranar Alhamis, ko daga shuɗaɗɗen aikatau da ke kusa da shi. Da muka ce "Sagir ya dawo daga masallaci", mun riga mun kafa agogon, duk wani "tana" da "suna" da ya biyo baya ya shiga wannan safiyar.

Saboda rashin sanin haka ne wasu ɗalibai suke jin kamar "tana suya" bai isa ya nuna abin ya wuce ba, sai su riƙa ƙara "ta kasance". Umma ta kasance tana suyar ƙosai, yara sun kasance suna jira, direba ya kasance yana kallon titi. Wannan Hausar fassara ce, ba haka kakanninku suke ba da labari a dandali ba. Sau ɗaya a insha'i ba laifi, idan ana son a nuna abin ya daɗe ana yi. A kowace jumla kuwa nauyi ne kawai, kuma yana cinye kalmomin da aka ƙayyade muku.

Inda biyun suke haɗuwa

Wurin da ya fi daɗi a labari shi ne inda gajeren aiki ya faɗo cikin dogo. Sagir "yana ɗaura igiyar takalmi sai akuyarsu ta tsinke". Ɗaurin takalmi ya fara, bai ƙare ba, tsinkewar akuya ta zo ta katse shi. Dogon aikin ya ɗauki yana, gajeren ya ɗauki ta, kalmar "sai" kuma ta zama ƙofar da ke tsakaninsu. Haka aka gina wajen Kusugu, haka aka gina wajen sarƙar babur. Ana iya barin "sai" ɗin, kamar a "Tana cin shanyar wake a ƙofar wani gida ya kama ta", ma'anar ba ta canja ba, sai dai jumlar ta fi sauri.

Ku gwada sauya ɗaya ku gani. Idan muka ce "Ya ɗaura igiyar takalmi sai akuyarsu ta tsinke", ya gama ɗauri ke nan kafin akuyar ta tsinke. Zai bi ta da takalmi ɗaure tsaf. A labarinmu kuwa ya bi ta ne igiya tana jan ƙasa, ko da yake ba mu faɗa ba.

Sai dai a kula, ba kowane aikatau ne yake da tsawon da za a katse shi ba. Isowa, faɗuwa, tashin mota, duk abubuwa ne na ƙiftawar ido. Idan aka sa irinsu a lokaci mai ci a farkon jumla, ma'anar takan koma "nan take". Wanda ya ce "Yana isa sai motar ta tashi" ba yana nufin Sagir ya daɗe yana isa ba, yana nufin isowarsa ke da wuya motar ta tashi. Hausa ce daidai, amma wani aiki dabam take yi. Hanyar ganewa ita ce a gwada saka "cikin". Ana cewa yana cikin ɗaura igiya, ana cewa suna cikin tafiya, amma ba a cewa yana cikin isa. Inda "cikin" ya zauna daram, aikin dogo ne, ana iya katse shi.

Mu zo kan jumlar da duk labarin ya rataya a kanta: "Da ya shawo kwanar makaranta, motar tana fita daga ƙofa." A ce gobe Baban Sagir zai je makaranta ya nemi a mayar da naira 3,000 ɗin nan, a ce kuma abin da ɗansa ya rubuta shi ne shaida. Ga yadda ɗan canji kaɗan zai juya maganar.

Idan ya rubuta motar tana fita, to ya same ta a bakin ƙofa, rabi a ciki rabi a waje. Ya makara, amma da daƙiƙoƙi. Akwai abin da za a roƙa a kai.

Idan ya rubuta "Da ya shawo kwanar makaranta, motar ta fita", to bai ma gan ta ba. Ta riga ta tafi, wataƙila ta yi nisa a hanyar Mashi. Babu ɗaga takarda, babu Nura a taga, babu abin da Baba zai ce.

Idan kuma ya rubuta "Da ya shawo kwanar makaranta, sai motar ta fita", to tana tsaye lokacin da ya ɓullo, bayan ya ɓullo ne ta tashi. Wanda ya karanta wannan zai iya zargin an gan shi aka tafi. Nan kuma magana ta koma kan direba da malam.

Jumla ta biyu da ta uku duk "ta fita" aka rubuta, to ina bambancin yake? A nan ne za ku gane dalilin da ya sa littattafanku suka raba shuɗaɗɗen lokaci gida biyu, na ɗaya da na biyu, suka kuma raba lokaci mai ci haka. Rabon ba sabo ba ne, Farfesa M.K.M. Galadanci ya yi bayaninsa a littafinsa na nahawun Hausa tun 1976. A baki kunne yana jin bambancin. A jumla ta biyu ana jan wasalin "ta", a ta uku ana datse shi. Amma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, don haka na, ka, ya da ta kamanninsu ɗaya a takarda ko wane gida suke.

Dabarar ita ce a mayar da abin jam'i, don a jam'i rubutu ba ya ɓoye komai. A ce motoci biyu ne. Jumla ta biyu za ta zama "motocin sun fita", ta uku kuma "sai motocin suka fita". Sun na gida na ɗaya ne, yana nuna abin ya riga ya kammala kafin lokacin da ake magana a kai. Suka na gida na biyu ne, shi ne mai jan labari daga wannan taki zuwa wancan. Ku gwada a jumlar farko ta labarin, inda aka ce hazo ya rufe garin Daura. Idan gizagizai ne, me za ku ce? "Iskar hunturu tana kaɗawa, gizagizai sun rufe gari." Sun ne ya zo, ba suka ba. Ashe wannan "ya rufe" ba taki ba ne a cikin labarin, yanayi ne da aka wayi gari aka tarar, shi ya sa ya zauna lafiya kusa da "tana kaɗawa". Amma "Motar ta hau titi, ta miƙi hanyar Mashi" a jam'i sai ya zama motocin suka hau titi, suka miƙi hanyar Mashi.

Kuskuren da wannan yake haifarwa a insha'i yana da sauƙin ganewa. Ɗalibi zai fara da kyau da "muka taru, muka hau mota", can tsakiya sai ya koma "mun isa Katsina, mun ga Gobarau, mun ci abinci". Daga nan labari ya mutu, ya koma rahoton da ake ba shugaban makaranta. Idan kun gama rubutu, ku bi duk mun da sun da an da ke ciki, ku tambayi kowanne: wannan abu ya riga ya faru ne kafin wannan wuri, ko yanzu ne yake faruwa a jerin labarin? Idan na biyun ne, muka, suka ko aka ake so.

Lokaci mai ci shi ma haka. Mun rubuta "Lokacin da yake neman takardar", ba mu ce lokacin da yana neman takardar ba. Bayan lokacin da, wanda, abin da, da kuma kalmomin tambaya irin su me da ina, yana yakan koma yake, suna ya koma suke, kamar yadda sun yake komawa suka. Me Hafsa take yi? Tana fifita wuta. Tambayar ta ɗauki take, amsar ta ɗauki tana.

Ƙananan wuraren da maki yake zubewa

Aikatau yakan sauya riga idan ya shiga lokaci mai ci. Ya nemi takarda, amma yana neman takarda. Ya sha shayi, amma yana shan shayi. Ya wuce, amma yana wucewa. A baki babu Bahaushen da zai yi kuskure a nan. A rubutu ne "wa" yake ba da wahala. Aikatau irin su ɗaura, karanta da fifita suna ɗaukar wa a jikinsu idan babu abin da ya biyo baya, kamar a yana ɗaurawa. Idan an ambaci abin da ake ɗaurawa, wa ɗin sai ya faɗi, a ce yana ɗaura igiya. Akwai kuma wani wa dabam, mai nuna wanda aka yi wa aikin, shi kuwa a ware ake rubuta shi: yana ɗaura wa akuya igiya. Shi ne a bakin Umma da ta ce "Kai wa gidan Liman nasu". Wanda ya haɗe shi ya rubuta "kaiwa gidan Liman nasu" ya karya ƙa'idar rubutu, kuma masu gyara suna ganin wannan tun daga nesa. Haka nan yana, tana, muna, suna, yake, suke da suka, kowannensu kalma ɗaya ce, ba a raba ta biyu.

Sai korewa. Shuɗaɗɗen lokaci yana korewa da ba biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya: Sagir bai ce komai ba. Lokaci mai ci kuwa ba ɗaya tak yake ɗauka: direba ba ya kallon baya. Ku kwatanta "direba ba ya kallon baya" da "direba bai kalli baya ba". Ta farko tana faɗin halin da yake ciki a wannan ɗan lokaci, idonsa yana wani wuri. Ta biyu tana faɗin abin da bai yi ba, har tana da ɗan ƙamshin zargi. Inda ya fi santsi shi ne wajen mace, don "ba ta jira" da "ba ta jira ba" ba ɗin ƙarshe kaɗai ya raba su a rubuce. Wanda ya manta da shi ya mayar da motar da ta tafi ranar Alhamis motar da ɗabi'arta ce rashin jira.

Wasunku za su ce ai wannan darasi malamin Turanci ma ya yi shi, da labarin wanda mota ta bari da komai. Gaskiya ne, kuma tsarin ɗaya ne: dogon aiki ana cikinsa, gajere ya faɗo. Bambancin da ke kayar da ɗalibanmu shi ne wancan na agogo. A Turanci kalmar da ke taimaka wa aikatau a lokaci mai ci tana da siffar yanzu, tana da siffar da, kuma siffar da ɗin iri biyu ce, ta tilo da ta jam'i. Ba ta aron lokaci daga maƙwabta, dole a sa mata nata. Ɗalibin da ya saba da "tana suya" mai shiga jiya da yau ba tare da ta sauya ba, idan ya zo Turanci sai ya bar kalmar taimakon a siffar yanzu, ya haɗa ta da aikatau na jiya a jumla ɗaya. Don haka idan za ku juya labarin Sagir zuwa Turanci, ku bi layukan nan da kuka ja ɗaya bayan ɗaya, ku mayar da kowanne siffar da. Guda ɗaya ne kawai za ku bari a siffar yanzu, wato "suna jira" na bakin Umma, don maganarta ce aka kawo yadda ta faɗe ta. Sannan Turanci bai raba sun da suka yadda muka raba ba. Wurin suka yana amfani da shuɗaɗɗen lokacinsa na yau da kullum, wurin "motocin sun fita" kuma yana da wani lokaci na uku, wanda za mu ajiye sai wani makon.

Aikin gida

Mun bar Nura a cikin mota yana buga gilashi. Ku ba da labarin wannan safiya daga bakinsa, cikin kalmomin da ba su wuce 150 ba, tun daga lokacin da ya iso makaranta bai ga Sagir ba har zuwa inda motar ta wuce Mashi. A samu wuri biyu aƙalla inda gajeren aiki ya katse dogo, a samu "lokacin da" sau ɗaya tare da nake, yake ko muke, a kuma samu korewa ɗaya ta kowane lokaci. Kada "kasance" ya fito ko sau ɗaya. Tun da Nura yana tare da 'yan ajinsu, yawancin labarin zai zo da muka da suka, don haka wannan karon rubutu ba zai rufa wa kowa asiri ba.

Malamai kuma za su iya raba aji gida biyu, a sa rukuni ɗaya ya karanta wuraren shuɗaɗɗen lokaci da ƙarfi, ɗaya rukunin ya karanta na lokaci mai ci. A jumlar takalmi da akuya, rukuni na biyu ne zai fara, na farko ya katse shi daidai kan "sai". A jumlar ƙofar makaranta kuma a canja "tana fita" zuwa sauran siffofi biyun, a bar ɗalibai su yi gardamar ko ya kamata a mayar wa Umma kuɗinta.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.